Bin Lissafin Matakan Ciniki a Shagon Intanet da Kai Wa Mai Shago Rahoton Mako

Idan ciniki ya ja baya a shagon intanet, mai shago ba ya bukatar a gaya masa cewa ya ja baya, domin alat ɗin banki ya riga ya gaya masa. Abin da yake so daga wanda ke riƙe da lissafin shi ne ya nuna masa inda mutane suka tsaya. Shin ba su zo ba ne kwata-kwata, ko sun zo sun duba kaya sun wuce, ko kuwa sun zaɓi kaya har sun kai bakin biya sannan suka fasa? Kowane ɗaya da maganinsa, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan aiki. Wanda ya ƙara kuɗin talla alhali matsalar tana shafin biyan kuɗi, ya ƙara asara ne kawai.

Jagorar nan za ta bi misalin shago guda daga farko har ƙarshe: shagon atamfa da shadda da mayafai na wata Hajiya a Kano, wanda aka gina a kan WooCommerce, manhajar haɗa shagon intanet, yana karɓar kuɗi da kati da tiransfa, kuma yana da maɓallin WhatsApp a ƙasan kowane kaya. Alƙaluman da za a kawo na misali ne, don a ga yadda ake lissafin. Tsarin bai canza ba ko da shagon yana kan Shopify.

Matakai biyar, da ma'anar da ba za ta riƙa sauyawa ba

A Kantin Kwari, yaron shago mai lura yana iya gaya maka mutum nawa suka leƙo, nawa suka sa hannu a kan atamfa, nawa suka ce a ware musu, nawa suka zauna ciniki, nawa kuma suka ƙirga kuɗi. Matakan nan biyar su ne ake ƙirgawa a shafin intanet, sai dai na'ura ce ke ƙirgawa. A Google Analytics 4, manhajar Google mai ƙirga masu shiga shafi, kowane mataki yana da sunan da ake rubuta shi da shi:

```
session_start     shiga shafi
view_item         buɗe wani kaya
add_to_cart       sa kaya a kwando
begin_checkout    fara cike oda
purchase          kammala saye
```

Akwai ƙarin biyu tsakanin na huɗu da na biyar, wato `add_shipping_info` na shigar da bayanin aike da `add_payment_info` na shigar da bayanin biya. Ba sai sun shiga rahoton kowane mako ba, amma ka tabbatar suna aiki, don ranar da mataki na ƙarshe ya lalace su ne za su nuna maka gurbin.

Kafin ka ɗauki lamba ko ɗaya, ka yanke shawarar abin da kake ƙirgawa: mutane ne ko ziyara? Mutum ɗaya na iya shiga sau huɗu a mako kafin ya saya. A Google Analytics, idan mutum ya yi minti 30 bai taɓa komai ba, ziyarar ta ƙare, dawowarsa sabuwar ziyara ce. Rahoton `Funnel exploration` na Analytics yana ƙirga mutane, shi kuwa rahoton da Shopify ke nunawa a allonsa ziyara yake ƙirgawa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma idan ka ɗauki na sama daga wannan, na ƙasa daga wancan, sakamakon ba shi da ma'ana. Ga shagon tufafi, inda mace kan duba atamfa yau, ta tura wa 'yar'uwarta hoton, ta dawo jibi ta saya, ƙirga mutane ya fi dacewa. Ka zaɓa, ka rubuta a saman takardar lissafinka, ka tsaya a kai.

Haka ma mako. Ka ɗauki Litinin zuwa Lahadi kullum, ka duba cewa lokacin da aka saita a Analytics da na shagon duk na Najeriya ne. Idan an bar ɗaya a lokacin wata ƙasa, cinikin daren Lahadi zai riƙa faɗawa cikin wani makon daban, lissafin biyu ba za su taɓa haɗuwa ba.

Gyaran da ake yi sau ɗaya kafin a amince da lambobin

Ka ɗauki wayarka ka yi saye na gaskiya daga farko har ƙarshe, da kaya mafi arha a shagon, kana kallon `Realtime` na Analytics a kwamfuta. Kowane mataki ya bayyana sau ɗaya. Idan `add_to_cart` ya fito sau biyu a danna ɗaya, yawanci an ɗora Analytics sau biyu ne, wani ya liƙa lambar da hannu sannan wani ya ƙara ta wata hanyar. Sai a cire ɗaya.

Saƙon saye shi ne ya fi bukatar a duba shi da kyau. Ga siffarsa a taƙaice:

```
gtag('event', 'purchase', {
  transaction_id: '1042',
  value: 28000,
  currency: 'NGN',
  items: [{ item_id: 'AT-17', price: 28000, quantity: 1 }]
});
```

Lambar odar da ke `transaction_id` ita ke hana a ƙirga saye ɗaya sau biyu idan kwastoma ya sake buɗe shafin godiya. Idan babu ita, ko kuma ana tura lamba iri ɗaya ga kowace oda, lissafin ya ɓaci ke nan. Sannan ka dubi kuɗin. Kamfanin biyan kuɗi na Paystack a kwabo yake karɓar adadi daga shafi, don haka idan wanda ya haɗa shagon ya ɗauko wannan adadin ya tura wa Analytics kai tsaye, atamfar naira 28,000 za ta fito a matsayin naira miliyan 2.8. Alamar a fili take: kuɗin da ke rahoto ya ninka na banki sau ɗari daidai.

Saura saiti biyu a Analytics. A `Data retention`, ka mayar da wata 2 zuwa wata 14, in ba haka ba `Funnel exploration` ba zai iya nuna maka abin da ya wuce wata biyu ba, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. A `List unwanted referrals` kuma, ka sa adireshin shafin kamfanin biyan kuɗi. Dalili shi ne kwastoma yana barin shagon ya je can ya biya sannan ya dawo, sai Analytics ya ɗauka kamfanin biyan kuɗin ne ya kawo shi, tallar da ta kawo shi da gaske ta tashi a tutar babu.

Talla kuwa, kowace mahaɗa da za a sa a Instagram ko a matsayin WhatsApp ta ɗauki alamarta:

```
https://example.com/atamfa?utm_source=instagram&utm_medium=paid_social&utm_campaign=sallah
```

A rubuta komai da ƙananan baƙaƙe. `Instagram` da `instagram` layi biyu daban za su zama a rahoto.

Ziyarar ma'aikatan shago ma tana shiga lissafi. Analytics yana da hanyar cire ta ta lambar intanet ɗin ofis, amma ga masu amfani da datar waya lambar tana sauyawa, tacewar ba ta kamawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ce wa yaran shago su daina buɗe shafin don duba farashi, a ba su jerin farashin daban. A shagon da ke samun mutum dubbai wannan ba ya tasiri sosai, amma a ƙaramin shago yana iya karkatar da lissafi.

Tiransfa da WhatsApp

A nan ne lissafin shagunan Najeriya ya fi karkacewa, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A WooCommerce, wanda ya zaɓi tiransfa kai tsaye zuwa asusun shago yana isa shafin godiya tun kafin ya tura ko sisi, odarsa kuma ta zauna a `On hold`. A shaguna da yawa saƙon `purchase` yana tashi a daidai wannan lokacin. Ke nan Analytics ya ƙirga saye, alhali kuɗi bai shigo ba, wataƙila ma ba zai shigo ba. Odar da aka biya da kati kuwa tana komawa `Processing` da kanta. Saboda haka adadin da za ka kai wa mai shago a matsayin ciniki ba na Analytics ba ne. Shi ne odar da aka tabbatar an biya: `Processing` da `Completed`, a cire waɗanda aka mayar wa kuɗi. Na Analytics amfaninsa shi ne auna matakai.

WhatsApp kuma akasin haka yake yi. Mace ta duba shadda, ta sa a kwando, ta ga tana son ta tambayi ko launin ya yi daidai da na hoto, ta danna maɓallin WhatsApp, aka yi ciniki can aka gama. A idon Analytics ta gudu ne, a aljihun Hajiya kuwa ta saya. Idan ba ka ƙirga wannan hanyar ba, za ka riƙa kai rahoton asarar da ba ta faru ba. Abu biyu ake yi. Na farko, a kunna `Outbound clicks` a `Enhanced measurement`, sannan a tace saƙon `click` da adireshin `wa.me`, a san mutum nawa suka danna. Na biyu, mai amsa WhatsApp ya riƙe littafi ko takarda: rana, kaya, kuɗi, da inda kwastoma ya fito. Don a sauƙaƙa masa, a sa maɓallin shafin ya buɗe da rubutaccen saƙo, kamar "Salamu alaikum, daga shafinku nake, ina tambaya kan AT-17". Duk hirar da ta fara da wannan, daga shafi ta fito.

Aikin kowane mako

Kada ka ɗauki lambobi da safiyar Litinin. Analytics kan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya gama tantance bayanan rana, don haka na Lahadi ba su nuna ba tukuna. Safiyar Laraba ta fi aminci. Ka buɗe `Explore`, ka shiga `Funnel exploration`, ka jera matakan biyar, ka bar `Make open funnel` a kashe don a ƙirga waɗanda suka bi matakan a jere kaɗai, ka zaɓi kwanakin makon gaba ɗaya. Kada ka ɗauki na kowace rana ka tara, domin wanda ya zo Litinin ya dawo Alhamis zai zama mutum biyu.

Ka zuba su a Google Sheets, mako ɗaya layi ɗaya. Ginshiƙin A ranar farkon mako, B zuwa F matakai biyar, G odar da aka biya a shafi, H odar WhatsApp, I jimillar kuɗin da ya shigo. Ka bar ginshiƙin J don rubuta abin da aka taɓa a makon: an fara talla ranar kaza, an sauya farashi, an sabunta shafi, wani kaya ya ƙare, netwok ya yi tsiya. Wannan ginshiƙin shi ne mutane suka fi yin sakaci da shi, kuma shi ne ke ba da amsa idan lamba ta motsa. Ka roƙi mai shago da mai gyaran shafi su riƙa sanar da kai duk abin da suka sauya, komai ƙanƙantarsa.

Sai a raba kowane mataki da wanda ya gabace shi. Idan makon nan yana layi na 6, makonni huɗu da suka wuce suna layi na 2 zuwa na 5:

```
=F6/E6
=SUM(F2:F5)/SUM(E2:E5)
```

Na farko shi ne rabon makon nan a mataki na ƙarshe, na biyu shi ne ma'aunin da za a gwada shi da shi. Ana gwadawa da makonni huɗu ne maimakon makon jiya kaɗai, saboda makon jiya na iya zama shi ne baƙon. Makonni huɗu kuma sun ƙunshi wata kusan guda, da makon albashi da makon da aljihu ya bushe.

Ga abin da shagon Hajiya ya nuna. Lamba ta farko ita ce ta mako ɗaya a ma'auni, ta biyu ta makon nan:

```
shiga shafi     2,000    2,600
buɗe kaya       1,200    1,430
sa a kwando       180      200
fara oda           90      104
saye               45       31
```

Kafin komai, a tambaya ko na'urar ƙirgar ce ta lalace. Odar da aka biya a shafi a makon nan 34 ce, Analytics ya ga 31. A makonnin baya kuwa shagon kan samu 49, Analytics ya ga 45. Giɓin bai canza ba, kusan tara cikin goma yake gani a duka biyun. Irin wannan giɓin abu ne da aka saba: wani ya biya ya rufe shafi kafin a dawo da shi shagon, wani wayarsa tana toshe masu bibiya. Da a ce shagon ya nuna 50, Analytics ya nuna 31, da ba ciniki ne ya faɗi ba, sai a kira mai gyaran shafi. A nan faɗuwar ta gaske ce.

Yanzu a bi matakan. Masu buɗe kaya sun sauko daga kashi 60 cikin ɗari zuwa 55. Masu sa kaya a kwando daga 15 zuwa 14. Masu fara oda sun ɗan ƙaru, daga 50 zuwa 52. Masu kammala saye kuwa sun faɗo daga 50 zuwa 30. Uku sun sauka, amma ba duka ne labari ba.

Bambance sauyi na gaske da kaɗawar da aka saba

Lambobin ƙaramin shago ba sa tsayawa cak ko da ba a taɓa komai ba. Akwai gwaji mai sauƙi da ke hana mutum tayar da hankalin mai shago a banza. Ka lissafa adadin da ake sa ran gani da rabon bai canza ba, ka ɗauki tushensa, ka ninka biyu. Idan tazarar da ke tsakanin abin da aka samu da abin da ake sa rai ba ta kai wannan ba, ka ɗauke ta a matsayin kaɗawa.

```
=E6*SUM(F2:F5)/SUM(E2:E5)
=2*SQRT(K6)
```

Layin farko a K6 yake zama, shi ne adadin da ake sa rai. Gwajin ba na ƙwaƙƙwafi ba ne, amma ya isa aikin mako.

A matakin kwando, ana sa ran kusan mutum 215, iyakar kaɗawa kusan 29, an samu 200. Tazarar 15 ce kawai, don haka a bar shi, kada ma ya shiga rahoto. A matakin buɗe kaya, ana sa ran 1,560, iyaka kusan 79, an samu 1,430. Tazarar 130 ta wuce iyaka, sauyi ne na gaske. A matakin saye, ana sa ran 52, iyaka kusan 14, an samu 31. Tazarar 21 ita ma ta wuce.

Biyu suka rage, sai a auna su da oda don a san wanda ya fi nauyi. Mutum 130 da ba su buɗe kaya ba, da sun bi sauran matakan yadda aka saba, oda biyar za su haifar ko kusa da haka. Dalilinsu ma bai ɓuya ba: da aka raba da `Session source / medium`, sai aka ga mutum 600 na ƙarin daga sabuwar tallar Instagram suka zo, 230 kaɗai a cikinsu suka buɗe kaya, tsofaffin hanyoyin kuma suna nan a kashi 60 ɗinsu. Baƙin talla dama ba su kai waɗanda suka san shago zafi ba. Mataki na ƙarshe kuwa oda 21 ya ci. Nan za a zauna.

Tono dalili

Raba matakin da ya lalace gida-gida, abu ɗaya a lokaci ɗaya. A fara da rana, domin lalacewar da wani sauyi ya jawo tana da ranar farawa. A shagon Hajiya, daga Litinin zuwa Laraba mutum 44 suka fara oda, 22 suka saya, rabi cif kamar kullum. Daga Alhamis zuwa Lahadi 60 suka fara, 9 suka saya. To me aka taɓa ranar Alhamis? Ginshiƙin bayani ya nuna an ƙara kuɗin aika kaya wajen Kano daga naira 3,500 zuwa 6,000, kuma kwastoma ba ya ganin kuɗin sai ya gama rubuta adireshinsa.

Haɗuwar rana ba ta isa hujja ba, domin wani abu na iya faruwa a ranar ba tare da an rubuta ba. Babban abin zargi na biyu shi ne hanyar biyan kuɗi, kuma kowane ɗayansu da irin sawun da yake bari. Idan biyan kuɗi ne ya lalace, mutane za su isa `add_payment_info` kamar yadda suka saba, allon kamfanin biyan kuɗi ya cika da yunƙurin da bai yi nasara ba, WooCommerce kuma ya tara odar `Failed` da `Pending payment`. Idan kuɗin aike ne, mutane za su ɓace tun kafin nan, yunƙurin biyan ma gaba ɗaya ya ragu. A wannan misalin, cikin mutum 60 ɗin, 12 kaɗai suka yi yunƙurin biya, 9 suka yi nasara. Hanyar biyan lafiyarta lau, kafin ta ne ake watsewa.

Ka kuma raba da `Device category`. Idan masu waya kaɗai suka faɗi, masu kwamfuta suna nan daram, ka zargi shafin: wani maɓalli ya ɓuya a ƙaramin allo, ko wani gurbi ya ƙi karɓar rubutu. Ka gwada da kanka ta cikin Instagram, domin mahaɗar da aka danna a can a cikin manhajar take buɗewa, kuma shafi na iya yin aiki a Chrome ya ƙi yi a can. Garin da Analytics ke nunawa kuwa kada ka dogara da shi wajen raba 'yan Kano da na waje, saboda mai datar waya yana zaune a Zariya ko Katsina sau da yawa sai a nuna shi a Legas ko Abuja. Adireshin da ke kan oda shi ne abin dogaro, kuma a nan takwas cikin taran da suka saya daga Alhamis 'yan cikin Kano ne.

Abu na ƙarshe, littafin WhatsApp. Odar da ta fito daga shafi ta ƙare a can takan kai 18 a mako, a makon nan 26 ce, kuma mai amsawa ya ce tambayar kuɗin aike ce ta yi yawa. Ke nan wasu daga cikin 21 ɗin ba su tafi ba, hanya suka sauya. Idan aka cire ƙarin takwas ɗin, asarar da ta fi kusa da gaskiya oda 13 ce. A matsakaicin naira 28,000 kowace oda, kusan naira 364,000 ke nan na ciniki, ba riba ba, kuma a faɗi wannan bambancin a fili.

Rahoton kansa

Mai shago a waya zai karanta, wataƙila yana tsakiyar kasuwa. Rahoton ya zama saƙo ɗaya da ake gani ba tare da dogon ja ba, hoton takardar lissafi kuma ya biyo baya ga mai son dubawa. Ka fara da oda da kuɗi, sannan mataki ɗaya da ya motsa, dalilin da kake zato da hujjarsa, sai shawara ɗaya da ke jiran amsarsa. Ka yi magana da mutane da naira. "Ya ragu da kashi 20" magana ce mai harshen damo, domin daga 50 zuwa 30 maki 20 ne, amma raguwar kashi 40 cikin ɗari ce. "Cikin mutum goma" ba ya rikita kowa.

"Hajiya, barka da safiya. Ga rahoton makon jiya, Litinin zuwa Lahadi. Odar da aka biya 60 ce, 34 a shafi, 26 ta WhatsApp. Mun saba samun 67. Mutane sun ƙaru da 600 saboda tallar Instagram, don haka ba rashin masu zuwa ba ne. Matsalar tana wurin kammala oda: da cikin mutum goma da suka fara biyar ke saye, daga ranar Alhamis kuwa ba su kai biyu ba. Ranar ce aka ƙara kuɗin aike zuwa 6,000. Na duba hanyar biyan kuɗi, tana aiki. Wasu sun koma WhatsApp, amma a ƙiyasina mun rasa oda kamar 13, cinikin kusan naira 364,000. Shawarata ita ce a rubuta kuɗin aike a jikin kowane kaya tun daga farko, a bar farashin yadda yake na mako ɗaya mu gani. In kin amince a yi yau, ranar Laraba mai zuwa zan kawo miki sakamakon."

An ba da shawarar sauya abu ɗaya ne da gangan. Idan aka nuna kuɗin da wuri, aka rage shi, aka kuma tsayar da talla duk a mako ɗaya, ciniki na iya dawowa amma ba wanda zai san wanne ya yi aiki. Rahoton mako mai zuwa da wannan maganar zai fara: an yi gyaran ranar kaza, rabon ya koma kaza. Idan bai motsa ba, to ba ɓoye kuɗin ne matsalar ba, yawansa ne, sai a zauna da Hajiya a duba ko shagon zai ɗauki wani ɓangare a kan odar da ta haura wani adadi.

Makon da babu abin da ya wuce iyakar kaɗawa, layi uku sun isa: oda, kuɗi, da cewa matakan suna nan yadda aka saba. Kada ka ƙirƙiro dalili don saƙon ya yi tsawo.

Ma'aunin makonni huɗu yana daina aiki idan Sallah ta matso. A shagon tufafi, masu sayen yadi suna yin gaba don tela ya samu lokacin ɗinki, masu mayafi da kayan da aka ɗinka kuma suna kaiwa har kwanakin ƙarshe, bayan Sallah komai ya lafa. A irin wannan lokaci ka gwada da bara, amma da nisan mako daga Sallah, domin tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya. Mako na uku kafin Sallar bana da mako na uku kafin Sallar bara ake haɗawa, kuma rabon matakai da yawan oda za a duba, tunda farashin kaya ya sauya a tsakani. Bayan Sallah, ka cire makonnin nan daga ma'auni, ka koma kan makonni huɗu na ƙarshe kafin kasuwa ta fara zafi, har sababbin makonni huɗu su taru. Makon da aka samu matsala irin ta kuɗin aike ma a yi masa alama a cire shi, in ba haka ba zai ja ma'aunin ƙasa, mako mai rauni ya riƙa fitowa kamar lafiyayye.